Dalilin Mayar da Fadar Gwamnati Abuja

Sa'ad da Legas ta cika ta batse, teku ta hana ta faɗaɗa, ga ta kuma a kusurwa guda nesa da akasarin al'umma, sai gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da hukunci a 1976 cewa a gina sabon birni a tsakiyar ƙasa, inda babu wata babbar ƙabila da za ta ce mallakarta ne. Amma ƙaura ba a baki take ba, domin sai da aka ta da ƙauyukan Gwari, aka shimfiɗa hanyoyi, aka gina ofisoshi da gidajen ma'aikata, alhali kuɗin mai na raguwa, kafin fadar gwamnati ta tare a watan Disamba na 1991.