Ɗan Lokacin da Aka Hana Bayani Motsi

Mai ɗaukar hoto yakan ce kada ka motsa tun kafin ya danna, kuma yana so ka ɗan daure bayan ya danna. In ka motsa a tsakani, hoton ya fito dishi-dishi. Haka abin yake a cikin wayarka da kwamfutarka.

A cikinsu akwai ƙananan ma'ajiyai da ake kira filif-fulof, kowanne yana riƙe da 0 ko 1. Ba ya karɓar sabon bayani sai agogon na'urar ya buga, wato daidai lokacin da wutar layin agogo ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Amma karɓar tana ɗaukar ɗan lokaci. Dole bayanin ya iso ya natsu kafin bugun. Wannan ne lokacin shiri, wanda takardar bayanin na'ura ke rubutawa `tsu`. Dole kuma ya ci gaba da zama yadda yake jim kaɗan bayan bugun. Wannan ne lokacin riƙo, `th`. In ya sauya a tsakanin nan, filif-fulof na iya kama tsohon bayani ko sabo, ko ya ɗan maƙale tsakanin 0 da 1 kafin ya faɗa gefe guda.

A ce agogo yana bugawa sau miliyan 100 a sakan. Tsakanin bugu da bugu akwai nanosakan 10, kuma nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Bayani ya ci nanosakan 1 kafin ya fito daga filif-fulof na farko, ya ci 7 a hanyar lissafi, na biyun kuma yana bukatar 1 na shiri. Jimla 9, saura 1. To, a ɗaga agogon zuwa miliyan 125: tazarar ta koma nanosakan 8, bayani ya makara. Alamarsa ita ce na'urar tana aiki lafiya in an rage gudun agogo, ta dinga kuskure in an ƙara.

Matsalar riƙo ce ta fi damuna, don ita bayani ne ke yin gaggawa. A ce bugun agogo yana isa filif-fulof na biyu a makare da nanosakan 1, riƙonsa rabin nanosakan ne, kuma babu komai a hanya tsakaninsa da na farko. Sabon bayani zai iso a nanosakan 1, alhali ana bukatar tsohon ya tsaya har 1.5. Rage gudun agogo ba ya maganin wannan, domin tseren a kan bugu ɗaya ake yin sa. Sai dai a sa wa bayanin abin da zai jinkirta shi a hanya, ko a daidaita layukan agogo. Shi ya sa injiniyoyi ke bin kowace hanya da lissafi kafin a kai zanen masana'anta, don in an riga an ƙera guntun silikon, gyaran yakan zama sake ƙera shi.