Me Ya Sa Git Ba Ya Ajiye Foldar Da Babu Komai A Ciki?

Git manhaja ce da masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta ke amfani da ita don adana tarihin aikinsu, ta yadda duk sauyin da aka yi za a san wanda ya yi shi da lokacin da aka yi, kuma a iya komawa baya in an so. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 2005 domin tafiyar da aikin Linux. Tana da wata ɗabi'a da kan ɗaure wa sababbin shiga kai: in folda ba ta ɗauke da fayil ko ɗaya, Git ba ya adana ta, kuma ba ya gargaɗin kowa cewa ya tsallake ta.

Misali, mai gina manhajar rajistar ɗalibai ya buɗe folda mai suna `logs`, inda manhajar za ta riƙa rubuta rahoton abin da ke faruwa yayin da take aiki. Ya ba da waɗannan umarnin:

```
mkdir logs
git add logs
git status
```

Umarni na biyu ba zai nuna kuskure ba, shiru kawai zai yi. Na uku kuma, in babu wani sauyin daban, zai ce `nothing to commit, working tree clean`, wato babu abin adanawa. A kwamfutar mai aikin komai lafiya lau, tun da foldar na nan a zaune. Matsalar sai ta ɓullo ranar da abokin aikinsa ya kwafo aikin da `git clone`. A wajensa babu `logs`, kuma da zarar manhajar ta nemi yin rubutu a ciki sai ta tsaya cak da saƙon `No such file or directory`. Irin wannan tangarɗar na cin lokaci, domin kowanne daga cikinsu yana da gaskiya: a wajen ɗaya abu na aiki, a wajen ɗayan ya ƙi.

Tushen lamarin yana cikin yadda Git ke riƙe bayanai. Kafin a adana kowane sauyi, sai ya bi ta wata rajista da ke zaune a `.git/index`. Kowane layi na rajistar fayil ɗaya ne, tare da cikakken adireshinsa da wata doguwar lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Folda ba ta da layin kanta. Ana sanin da ita ne kawai domin sunanta ya fito a adireshin wani fayil, kamar yadda `hotuna/tambari.png` ke nuna cewa akwai `hotuna`. Abin ya yi kama da malamin ƙidaya da ke rubuta sunayen mutane da gidajen da suke zaune: gidan da ba kowa ba zai taɓa shiga littafinsa ba, ko da ginin na tsaye.

Idan aka ba da umarnin `git commit`, daga wannan rajistar Git ke haɗa tsarin foldodin da zai adana. Haka kuma a lokacin kwafo aiki, fayiloli yake shimfiɗawa, yana buɗe duk foldar da fayil ke buƙata a kan hanya. Wannan ne ma ya sa in aka cire fayil na ƙarshe a folda da `git rm`, foldar kan ɓace tare da shi. Abin lura shi ne, ma'ajiyar Git ta can ciki tana iya wakiltar foldar da babu komai. Rajistar ce ba a tsara ta da gurbin hakan ba. Zaɓi ne na tsari, domin abin da ya dami waɗanda suka gina Git shi ne abin da ke cikin fayiloli. Subversion, wadda ta girme shi, tana adana folda a matsayin abu mai zaman kansa, shi ya sa waɗanda suka ƙaura daga can suka fi jin abin a jikinsu.

Mafitar da aka saba bi ba ta da wuya. Tun da fayil Git ke gani, sai a ajiye masa fayil a ciki, ko da babu harafi ɗaya a cikinsa:

```
touch logs/.gitkeep
git add logs/.gitkeep
git commit -m "Ajiye foldar logs"
```

Daga nan duk wanda ya kwafo aikin zai samu foldar. Ana iya tabbatarwa da `git ls-files`, wanda ke jero abin da ke cikin rajista. In `logs/.gitkeep` ya fito, an gama. In foldodi ne a cikin foldodi, ta can ƙurya kaɗai ke buƙatar fayil ɗin, domin adireshinsa zai jawo na samanta duka.

Sunan `.gitkeep` kan sa wasu su ɗauka cewa wani ɓangare ne na Git. Ba haka ba ne. Al'ada ce kawai da masu sana'ar suka saba da ita, kuma Git na ɗaukarsa kamar kowane fayil. Ɗigon da ke farkon sunan yana ɓoye shi ne daga jerin fayiloli na yau da kullum a Linux da macOS. Ruby on Rails ma `.keep` yake amfani da shi. Wasu kan fi son ajiye ɗan gajeren `README` da ke bayyana amfanin foldar, kuma wannan ya fi taimakon wanda zai gāji aikin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne haɗuwar wannan dabarar da `.gitignore`, fayil ɗin da ake lissafa abubuwan da ba a son Git ya ɗauka. Folda irin `logs` ana son ta kasance, amma ba a son rahotannin da ke taruwa a cikinta su shiga tarihi. Mutum kan rubuta `logs/` a layi ɗaya, ya biyo da `!logs/.gitkeep` da nufin ware wannan fayil ɗin. Hakan ba ya aiki. Da zarar an haramta folda gaba ɗayanta, Git ba ya ko leƙa cikinta, don haka bai kai ga ganin abin da aka ware ba. Gyaran tauraro ɗaya ne:

```
logs/*
!logs/.gitkeep
```

Yanzu abin da ke cikin foldar aka haramta, ita kanta tana buɗe, don haka layi na biyu zai yi tasiri. Mai shakka zai iya tambaya da `git check-ignore -v --no-index logs/.gitkeep`, wanda ke nuna ainihin layin da ya shafi fayil ɗin da kuma inda aka rubuta shi.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsafta, wadda Laravel ke bi a foldodinsa na ajiya. Ana sa `.gitignore` a cikin foldar kanta, ɗauke da layi biyu:

```
*
!.gitignore
```

Fayil ɗaya ya yi aiki biyu ke nan: ya riƙe foldar, ya kuma hana duk abin da ke cikinta shiga tarihi. Ga foldar da manhaja ke zuba kaya a ciki, wannan ya fi dacewa, domin dokar na zaune a wurin da take aiki, in an sauya wa foldar suna ma tana biye da ita.

Duk waɗannan dabarun suna da iyaka. Git ba ya adana izinin folda, wato wa aka yarda ya yi rubutu a ciki, don haka foldar na iya isa sabar amma manhajar ta kasa taɓa ta. Haka nan shirin da ke karanta duk abin da ya tarar a folda zai iya cin karo da `.gitkeep` ya ɗauke shi a matsayin bayanai. A irin waɗannan wuraren, abin da ya fi shi ne manhajar ta buɗe foldarta da kanta lokacin tashi, ko a sa `mkdir -p logs` cikin matakan girka ta. Umarnin yana buɗe foldar in babu ita, in kuma tana nan ya wuce ba tare da kuskure ba.