Tamoji na nan, inuwarsa aka rage

Rana tana tsaka aka ɗauki hoton wani dattijo a ƙofar gida. Da hoton ya fito, tamojin goshinsa ya yi baƙi ƙirin, sai ka ce tsaga. Laifin haske ne: idan ya sauko daga sama, kowane rami na fuska cika yake yi da inuwa.

Saboda haka gwanin gyaran hoto ba ya goge layin. Inuwar yake ragewa. A Photoshop, yakan buɗe sabon shafi a saman hoton, ya ɗauki Healing Brush, ya saita shi ya kwaso launi daga hoton da ke ƙasa, ya shafe layin tas. A nan fuskar takan yi sumul kamar ta roba. Daga nan sai ya rage Opacity na shafin zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari, tamojin ya dawo, amma da laushi.

Layukan gefen ido kuwa, taɓawa kaɗan ta isa, domin a nan fara'ar tsoho take. Tsagar gado ba a kusantarta sam.

Gyara ya zarce idan goshi ya yi santsi alhali wuya da hannuwa suna nan a yamutse.