Kwalbar Turare a Hoton Na'ura: Abin da Ke Sa Gilashi Ya Fito Kamar na Gaske

Masu sayar da humra da turaren jiki sun fara amfani da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney da Stable Diffusion domin yin tallar kayansu. Mutum ya rubuta bayanin abin da yake so, na'ura ta zana masa. Akwatin kwali ko murfin katako ba sa ba ta wahala. Inda take yawan tuntuɓe shi ne kan gilashi: kwalbar ta fito kamar ta roba, ko gefenta ya narke cikin bango, ko turaren ya zama kamar fentin da aka shafa a jikinta.

Dalilin yana cikin yanayin gilashin kansa. Gilashi mai tsabta ba shi da kalar da ido zai kama. Hasken da ya faɗo masa kai tsaye, kusan kashi 4 cikin 100 kawai yake dawowa daga kowace fuska, sauran ya ratsa ya wuce. Abin da muke gani idan muka dubi kwalba shi ne abin da ke bayanta bayan ta lanƙwasa shi, da kuma ƙyallin fitila ko tagar da ke kusa da ita. Su kuwa waɗannan manhajoji ba lissafin tafiyar haske suke yi ba. Sun koyi kamannin abubuwa ne daga ɗimbin hotuna, suna kwaikwayo. Don haka wanda ya rubuta cewa yana son gilashi mai kyau, mai kama da na gaske, bai gaya wa na'urar komai ba. Sai ya bayyana mata inda haske yake da abin da ke kewaye da kwalbar, kamar yadda mai ɗaukar hoto yake tsara ɗakin aikinsa.

Bari mu ɗauki kwalba guda mu bi ta daki-daki: mai kusurwa huɗu, mai cin mililita 50, gindinta da kauri, turaren ciki ruwan zuma, murfinta ruwan gwal.

Shawarar farko ita ce ta gefen kwalba, kuma a nan masu ɗaukar hoton gilashi suna da hanyoyi biyu da suka daɗe suna bi. A ta farko, ana haskaka bangon da ke bayan kwalbar, a bar hagu da damanta cikin duhu, galibi da baƙin kwali da ake tsayarwa a wajen abin da kyamara ke gani. Gefen gilashin ya ɗauko wannan duhun, sai kwalbar ta fito da siririn baƙin layi da ya zagaye ta. A ta biyu, bangon ne baƙi, haske kuma yana leƙowa ta baya daga gefe biyu, sai layin ya zama fari. Dole a zaɓi ɗaya. Wanda ya nemi farin bango da haske mai laushi ta ko'ina ya kashe duhun da zai fito da gefen, kuma wannan ne ya fi jawo kwalbar da ba a gane inda ta ƙare.

Ga turare ruwan zuma, ni na fi son hanyar farko, domin hasken da ya biyo ta baya yana ratsa ruwan ya kunna kalarsa. Tunda waɗannan manhajoji sun fi fahimtar Turanci, haka za a rubuta wannan ɓangaren:

```
square clear glass perfume bottle, thick base, amber liquid,
bright field lighting, backlit white background,
thin dark edges, product photograph
```

Na biyu shi ne lanƙwasar haske, wato abin da ke sa cokali ya yi kamar ya karye a cikin kofin ruwa. Masana suna auna ƙarfin wannan lanƙwasa da lamba: ruwa 1.33, sinadarin barasa da ake narka turaren fesawa a cikinsa kusan 1.36, gilashi kuwa kusan 1.5. Saboda lambar gilashi da ta turare ba ɗaya ba ce, ido yana iya ganin iyakar da ke tsakaninsu. Kwalbar gaske tana da siffa biyu: ta waje, da ramin ciki inda turaren ke zaune, wanda kusurwoyinsa suka fi zagaye, da gilashi zalla mara kala a ƙarƙashinsa. Idan hoto ya nuna ruwan zuma ya cika har bakin gefen waje, ba kaurin bango ko kaɗan, nan take ido zai ce roba ce, ko da mai kallon bai san abin da ya dame shi ba. Sai a ambaci kaurin bangon, da layin saman turaren wanda ke ɗan hawa jikin gilashi a gefe, da iskar da ke samansa, da siririn bututun da ke zuƙo turaren.

Lanƙwasa ba ta bayyana sai da abin da za a lanƙwasa. Shi ya sa yana da kyau a bar layi guda a baya, misali inda teburi ya haɗu da bango. A kwalba mai kusurwa huɗu, layin zai ɗan goce idan ya shiga bayan gilashin, ya fi karyewa a kusurwoyi. A kwalba mai zagaye da ke cike da ruwa, abin da ke nesa a bayanta yakan juye, hagu ya koma dama.

```
visible glass wall thickness, rounded inner cavity,
liquid level with meniscus, thin dip tube,
table edge refracted through the glass
```

Ƙyalli bai buƙatar dogon bayani. Fitila ɗaya mai faɗi, doguwa, daga hagu, wadda za ta ajiye farin layi a tsaye a jikin kwalbar da murfinta, ta wadatar. Da zarar an fara tara kalmomin walƙiya da ƙyalƙyali, sai na'ura ta watsa ɗigon haske ko'ina, kowanne yana nuna fitilar da babu ita.

Sai inuwa, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita. Inuwar kwalbar turare ba baƙa ƙirin ba ce. Haske ya ratsa ruwan, don haka akwai ɗan haske mai kalar zuma da ke sauka a kan teburi a cikin inuwar.

```
single tall softbox reflection on the left,
soft contact shadow, amber caustics on the table
--no plastic, glitter, text
```

Layin ƙarshe salon Midjourney ne na hana abu fitowa. A Stable Diffusion akwai gurbi na daban da ake zuba irin waɗannan kalmomi. Na hana rubutu da gangan: ko manhajar ta iya haruffa, ba za ta fitar da tambarinka daidai ba, gara a ɗora shi daga baya.

Idan hoto ya fito, a faɗaɗa shi a duba. Shin layin saman turaren a kwance yake daidai da teburi? Bututun ya sauko daga bakin kwalbar ba tare da ya yanke ko ya rabu biyu ba? Ƙyallin murfi da na jikin gilashi a gefe ɗaya suke? Layin gefe ya tafi daga kafaɗa zuwa gindi bai ɓace a hanya ba? Idan wuri ɗaya ne ya lalace, kada a sake komai daga farko. Yawancin manhajojin suna bari a shafe wurin kaɗai a sake zana shi. Idan kuma za a gyara umarnin, a canza abu ɗaya a lokaci guda, don a san wanda ya yi aiki.

Akwai kuskuren da ke zuwa bayan an gama: yanke kwalbar a ɗora ta kan wani bango. Gilashi yana ɗauke da tsohon bangonsa a cikinsa. Kwalbar da aka zana gaban farin bango, idan aka kai ta kan baƙi, cikinta zai ci gaba da fari, gefenta kuma ya yi wani hazo. Bangon da za a yi talla da shi, tun farko ake sa shi a umarni.

Ga mai sayarwa kuma, kwalbar da na'ura ta zana daga bayani kaɗai ba ita ce ke kan kantarsa ba. Mai saye da ya ga gilashi mai kauri a waya, aka kai masa siririyar kwalba, yana da hujjar jin an zalunce shi. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki hoton kwalbar gaske kusa da taga, da farar takarda a bayanta da baƙin kwali a gefe biyu, a ba manhajar wannan hoton ya zama tushe, sannan a yi amfani da umarnin wajen gyara haske da bango.