Tarkon shekaru a ƙididdigar mace-mace: misali daga Mubi

Ɗaliban Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya suna ƙara yawan matasa a Mubi, kuma hakan kaɗai kan sauke alƙaluman mace-mace.

A ƙaddara cikin kowane dubu, matasa 2 da tsofaffi 40 ke rasuwa a shekara. Unguwa mai matasa 900 da tsofaffi 100 za ta nuna 5.8, ƙauye mai matasa 700 da tsofaffi 300 kuwa 13.4, alhali haɗarin ɗaya ne.

Daidaitawa ta kai-tsaye tana gwada alƙaluman kowane rukunin shekaru a kan jama'a guda da aka ɗauka ma'auni, sai bambancin ya ɓace. Inda mamatan ba su da yawa, akan bi ta kaikaice: a lissafa rasuwar da ake tsammani bisa alƙaluman ƙasa, a raba wadda ta auku da ita. Sakamakon da ya haura 1 yana nuna ƙarin haɗari.