Me Ya Sa Ake Shan Wani Magani Sau Ɗaya a Rana, Wani Sau Huɗu?

Ana shan farasitamol duk bayan awa 4 zuwa 6, amma amlodifin na masu hawan jini ƙwaya ɗaya ta wadatar a yini. Sirrin yana cikin abin da ɗaliban ilimin magunguna ke kira rabin wa'adi, wanda ake rubutawa t½, wato lokacin da maganin da ke cikin jini yake ɗauka kafin ya ragu da rabi. Na farasitamol awa 2 zuwa 3 ne, shi ya sa yake saurin sakin mutum. Na amlodifin kuwa awa 30 zuwa 50 ne.

A ɗauki wani magani mai rabin wa'adin awa 12, ana ba da miligiram 100 safe da dare. Kafin a ba da na biyu, 50 ya rage a jiki, sai ya koma 150. Wannan ya sauka zuwa 75, na uku ya ɗaga shi zuwa 175, na huɗu ya kai shi 187.5. Haka zai riƙa hawa, ƙarin yana raguwa, har ya tsaya yana kai-komo tsakanin 200 da 100. A nan abin da hanta da ƙoda ke fitarwa ya yi daidai da abin da ake sha. Wannan shi ne matakin daidaito.

Isa wannan mataki yakan ci rabin wa'adi huɗu zuwa biyar, lokacin da magani ya kai kashi 94 zuwa 97 cikin ɗari na inda zai tsaya. A misalinmu, kwana biyu zuwa biyu da rabi ke nan. Ko an ninka ƙwayar, lokacin ba ya gajarta, sai dai matakin ya ƙara sama. Amlodifin yakan ɗauki kamar mako guda kafin ya daidaita, don haka wanda ya auna jininsa a rana ta biyu ya ce magani bai karɓe shi ba ya yi gaggawa. Idan ciwo ba zai jira ba, likita kan fara da babban kaso, kamar miligiram 200 a misalin nan, sannan a ci gaba da 100.

Inda lissafin ke rushewa shi ne idan ƙoda ta raunana. Digoksin, maganin zuciya, rabin wa'adinsa kusan awa 36 ne ga mai lafiyayyar ƙoda, amma yana iya kai kwana huɗu ga wanda tasa ta gaza. Idan aka ci gaba da ba shi yadda aka saba, maganin zai taru a hankali har ya zama guba: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya da rikicewar bugun zuciya. Shi ya sa ake duba aikin ƙoda tun farko, musamman ga tsofaffi, a rage yawan maganin ko a ƙara tazara tsakanin sha da sha.