Wanne Ya Riga Zuwa, Ciwon Damuwa ko Raunin Mazakuta?

Idan magidanci ya kasa biya wa iyalinsa buƙatar aure, abin da ya fi saurin zuwa zuciyarsa shi ne basir, ko sanyi, ko sammu. Da wuya ya tuna cewa watanni biyu ke nan ba ya samun barci, abinci ba ya yi masa daɗi, hira da abokai a majalisa ma ta fita daga ransa. Alhali waɗannan alamomin ciwon damuwa ne, kuma shi da raunin mazakuta kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai: kowanne na iya jawo ɗan'uwansa.

Miƙewar gaba aikin jini ne. Sha'awa tana farawa a ƙwaƙwalwa, saƙo ya bi jijiyoyi, hanyoyin jinin da ke gaba su saki jiki su buɗe, jini ya cika su. Ciwon damuwa yana dusashe sha'awar tun daga tushe, kamar yadda yake dusashe jin daɗin komai. Tsoro kuma yana sa jiki ya fitar da sinadarin adirenalin, wanda ke matse hanyoyin jinin nan. Saboda haka mutumin da ya kasa sau ɗaya yakan shiga ɗaki washegari yana sa wa kansa ido, fargabar ta sake hana shi, kunya da baƙin ciki su ƙaru. Daga nan sai ya fara ƙaurace wa shimfiɗa, uwargida ta ɗauka ya daina son ta, gida ya yi tsami, damuwar ta ƙara nauyi.

Mu ɗauki misalin wani ɗan kasuwa mai shekara 42. Jarinsa ya karye, ya shiga damuwa, sha'awarsa ta ragu, amma da asuba yakan farka gabansa a miƙe. Likita ya rubuta masa satiralin, miligiram 50 kullum. Bayan mako shida barci ya dawo, ya koma kasuwa, sai dai wata sabuwa ta ɓullo: sha'awar ta ƙara mutuwa, kuma idan ya kusanci iyalinsa sai ya daɗe ƙwarai bai kawo ba. Bai gaya wa kowa ba, ya ajiye ƙwayar. Kwana uku sai jiri da tashin zuciya da saurin fushi, bayan 'yan makonni kuma damuwar ta dawo masa danƙar.

Labarinsa yana ɗauke da abubuwa uku da likita ke nema. Miƙewar asuba tana nuna cewa jijiyoyi da hanyoyin jini suna aiki, don haka an fi zargin zuciya da tunani. Raguwar sha'awa tun kafin magani aikin damuwar ce. Jinkirin kawowa da ya zo bayan fara ƙwaya kuwa, wannan hannun magani ne. Satiralin da danginsa, irin su fulokzetin da faroksetin, suna ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, wanda ke sauƙaƙa damuwa amma yana danne sha'awa da jinkirta inzali. Faroksetin ya fi sauran yin haka. Shi ya sa tambayar "wanne ya riga zuwa?" ta fi kowace tambaya amfani a ɗakin likita.

Da ɗan kasuwar nan ya koma ya yi bayani, akwai hanyoyin da za a bi ba tare da an bar damuwar ta dawo ba. Idan ya samu sauƙi sosai, ana iya rage adadin maganin a hankali a ga ko matsalar za ta lafa. Idan ba ta lafa ba, sai a sauya masa wani da bai cika taɓa sha'awa ba. Biyu ne aka fi sani.

Na farko bufurofiyon, wanda ke aiki ta hanyar dofamin da noradirenalin maimakon serotonin. Akan fara da miligiram 150 da safe, a kai 300 idan da buƙata, wani lokaci ma a haɗa shi da maganin farko. Haɗarinsa shi ne yana iya tayar da farfaɗiya, don haka ba a ba mai farfaɗiya, kuma dole mai shan tiramadol ko giya ya faɗi gaskiya. Yakan hana barci, kuma ba kowane kantin magani ke ajiye shi ba. Na biyu mirtazafin, da ake farawa da miligiram 15 da dare. Ya dace da wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, amma yana sa ƙiba, abin lura ga mai ciwon suga. Kowanne aka zaɓa, sai an ba shi mako huɗu zuwa shida kafin a yanke masa hukunci, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware.

Idan damuwar ba ta yi tsanani ba, zama da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam na iya wadatarwa ba tare da ƙwaya ba, kuma wannan ba ya taɓa sha'awa ko kaɗan. Akan shawarci ma'aurata su jingine saduwa na ɗan lokaci, su tsaya ga wasa da shafa kawai. Da zarar an cire wa namiji nauyin "dole sai na yi", sau da yawa jiki yakan amsa da kansa.

To, ina batun sildenafil, ƙwayar da aka fi sani da Bayagira? Tana taimakawa idan maganin damuwa yana yi wa mutum aiki, miƙewa ce kawai ta yi rauni. Akan sha miligiram 50 kamar awa ɗaya kafin kwanciya, ba fiye da sau ɗaya a yini ba, kuma abinci mai maiƙo yana jinkirta aikinta. Sai dai hanyar jini take buɗewa, ba ta haifar da sha'awa. Wanda ransa bai motsa ba, ko ya sha ba zai ga komai ba. Mai shan maganin ciwon ƙirji na zuciya dangin naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, kada ya kusance ta, domin haɗuwarsu na iya faɗar da bugun jini har ya halaka. Miƙewar da ta wuce awa huɗu kuma ta gaggawa ce zuwa asibiti. Wannan ne haɗarin maganin ƙarfin maza na tasha da kasuwa: an sha gano sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe, ba tare da sanin adadinsa ba. Tiramadol da wasu ke sha don jinkirta kawowa shi ma yana kashe sha'awa idan aka daɗe a kansa, kuma haɗa shi da satiralin na iya jawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa.

Idan kuwa miƙewar asuba ta ɓace, kuma raunin ya shigo sannu a hankali, kada a ɗora wa damuwa duk laifin. A gwada suga da hawan jini, a auna testosteron da jinin da aka ɗiba da safe, a duba magungunan hawan jini irin su atenolol, domin wasunsu na raunana gaba. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa sukan riga su nuna alamar toshewa.

Likitocin wannan fanni suna nan a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitocin koyarwa. Wanda tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ranar ya kamata ya je. Sauran kuma, kafin a tafi, a rubuta abu uku a takarda: lokacin da damuwar ta fara, lokacin da aka fara ƙwaya, da lokacin da raunin ya bayyana. Idan kunya ta ɗaure baki a gaban likita, sai a miƙa masa takardar.